Ina Sararin Ya Tafi? Yadda Ake Gano Foldar da Ta Cinye Cikin Laftof

Duk wanda ya buɗe `This PC` a laftof mai Windows zai ga wata 'yar sanda a kwance ƙarƙashin faifan `C:`. Muddin akwai sarari, shuɗiya ce. Da zarar abin da ya rage ya gaza kashi 10 cikin 100, sai ta rikiɗe ta koma ja. Daga nan matsaloli kan fara zuwa ɗaya bayan ɗaya: sabuntawar Windows ta tsaya a hanya, manhajar haɗa bidiyo ta ƙi fitar da aikin da aka kwana ana yi, wani lokaci ma takarda ƙarama ta ƙi ajiyuwa.

Abin da yawancin mutane ke fara yi shi ne su afka wa abin da idonsu ya sani. Su goge hotunan suna da na biki, su goge waƙoƙi da takardun makaranta, su koma su duba, su tarar sandar tana nan ja. Dalilin a lissafi yake. Hoton waya ɗaya bai cika wuce mega uku ko huɗu ba, don haka sai an goge hoto wajen 300 kafin a samu giga ɗaya. Mutum ya rabu da abin da ba zai sake samu ba, kuma bai taɓa abin da ya cika faifan ba. Idan ya gaji, sai ya ɗauki laftof ɗin zuwa wurin mai gyara a yi masa fomatin, ya biya kuɗi, ya sake girka manhajojinsa daga farko, bayan 'yan watanni kuma faifan ya sake cika da abin da ya cika shi a karon farko, tunda ba a taɓa gano ko mene ne ba.

Laifin ba na mai kwamfutar ba ne kacokan. `File Explorer` yana nuna girman kowane fayil, amma a gaban folda gurbin `Size` fayau yake. Wanda ke son sanin nauyin folda sai ya danna mata maɓallin dama na linzami, ya zaɓi `Properties`, ya jira a ƙirga, sannan ya koma kan ta gaba. Foldoji a faifai ɗaya kuwa dubbai ne. Ƙari a kan haka, Windows na ɓoye wasu daga cikin mafi nauyinsu, musamman `AppData`, inda manhajoji ke jibge kayansu. Ana iya shekaru da laftof ba a san da zamanta ba.

Hoton da aka ƙirƙira saboda faifai ya cika

Wannan matsala ta girmi laftof ɗin da ke hannun kowa a yau. A shekarar 1990, a Jami'ar Maryland da ke Amurka, Farfesa Ben Shneiderman da abokan aikinsa su 14 suna amfani da faifai ɗaya mai ɗaukar mega 80, wanda a yanzu ko bidiyon minti biyu na waya zai iya cika shi. Faifan yakan cika, kuma babu wata hanya mai sauƙi ta gane wa ya cinye wurin da kuma da me. Shneiderman ya yi ta neman yadda zai zana dukan abin da ke cikin faifan a kan allo ɗaya, har ya kai ga dabarar da ya sa wa suna `treemap`.

Dabarar tamkar taswirar fili ce da aka yanka fuloti. Allon gaba ɗaya shi ne faifan. Ana raba shi gida-gida, kowace babbar folda ta samu yanki daidai nauyinta: wadda ta ci rabin faifan ta samu rabin allon. A cikin kowane yanki a sake rabawa tsakanin ƙananan foldojin da ke ciki, a yi ta rabawa har a kai ga fayil ɗaiɗai. Fayil mai giga biyar zai fito ƙaton murabba'i da ido ba zai tsallake ba, takarda mai kilobait 50 kuwa ko ɗigo ba za ta kai ba. A 1999 masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Eindhoven da ke ƙasar Holan, Jarke van Wijk da Huub van de Wetering, suka ƙara wa kowane murabba'i haske da inuwa don ya yi tudu a ido, a riƙa gane inda wata folda ta ƙare wata ta fara. Wannan salon ne aka fi sani a yau.

Manhajojin da ke zana wannan hoto a Windows suna da dama. WinDirStat, wadda Bernhard Seifert ya fara fitarwa a 2003, kyauta ce kuma a buɗe take ga kowa ya duba yadda aka rubuta ta. Ta daɗe ba a taɓa ta ba, sai a 2024 sabon zubinta ya fito. Akwai TreeSize Free ta kamfanin JAM Software na Jamus, akwai SpaceSniffer. Akwai kuma WizTree ta kamfanin Antibody Software, kyauta ga mai amfanin kansa, amma ofis ko kamfani sai ya sayi lasisi. Da ita za a yi misali a nan, saboda saurinta.

Saurin yana da dalili. Hanyar gargajiya ita ce manhaja ta shiga kowace folda ta tambayi girman kowane fayil, aikin da kan ci mintuna a tsohon faifai mai juyawa. Amma faifan da Windows ke zaune a kai yana bin tsarin `NTFS`, kuma wannan tsari yana da babban kundi guda, `MFT`, inda aka rubuta sunan kowane fayil da girmansa da mazauninsa. WizTree kundin take karantawa kai tsaye, shi ya sa takan gama da faifai cikin daƙiƙoƙi. A kan filashi ko katin waya, waɗanda galibi ba `NTFS` ba ne, ita ma sai ta bi folda-folda kamar sauran.

Ita kanta manhajar 'yan mega kaɗan ce, tana kuma da nau'in da ba ya buƙatar girkawa, wanda za a iya ɗora wa filashi a buɗe daga can. Wannan yana da amfani idan faifan ya cika maƙil. A kula da inda aka sauko da ita, domin shafukan da ke tara manhajoji kyauta sukan cusa wasu abubuwan a ciki. Hanya mai aminci ita ce shafin masu ita, ko kuma a buɗe `Terminal` ko `Command Prompt` a rubuta:

```
winget install AntibodySoftware.WizTree
```

Mataki ɗaya ne bai kamata a tsallake ba: a buɗe ta da ikon mai gudanarwa, wato a danna mata maɓallin dama a zaɓi `Run as administrator`. Ba tare da wannan iko ba, WizTree ba za ta iya karanta kundin `MFT` ba, kuma kowace irin manhaja ce, Windows zai hana ta leƙa wasu foldoji, kamar na sauran masu asusu a kwamfutar da kuma `System Volume Information`. Sakamakon zai fito da giɓi. Alamar hakan ita ce jimillar da manhajar ta nuna ta gaza abin da Windows ya ce an cinye da giga masu yawa. WinDirStat tana iya nuna wannan giɓi da sunan `<Unknown>`.

Laftof ɗin mai haɗa bidiyon biki

A ɗauki misalin wata matashiya a Kano da ke ɗaukar bidiyon bukukuwa tana haɗawa da Adobe Premiere Pro. Laftof ɗinta na hannu ne, faifansa `SSD` mai giga 256, `RAM` kuma giga 8. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, amma foldojin da abin da ke cika su haka suke a kowace kwamfuta mai irin wannan aiki.

Tun kafin ta fara bincike akwai abin da kan ɗaure kai: Windows na nuna mata faifan giga 237 ne, ba 256 ba. Babu wanda ya cuce ta. Masu ƙera faifai suna lissafin giga ɗaya a matsayin bait biliyan ɗaya cif, Windows kuwa yana lissafi da 1,024 a kowane mataki, don haka 256 ɗinsu ya zama kimanin 238 a wurinsa, sannan ƙananan ɓangarorin tayar da kwamfuta da na gyara su ɗauki ɗan abin da suka ɗauka. Wannan bambanci ba sarari ne da za a iya ƙwatowa ba. A cikin 237 ɗin, giga 3 kawai ya rage mata.

Ta buɗe WizTree, ta zaɓi `C:` a sama, ta danna `Scan`. Allon ya kasu uku. A hagu akwai jerin foldoji, mafi nauyi a sama. A dama akwai jerin nau'o'in fayil, kowanne da launinsa. A ƙasa kuma taswirar ce, cike da murabba'ai masu launi. Taswirar ta fi jan ido, amma jerin hagu ne ya kamata a fara karantawa, musamman gurbin `% of Parent`, wanda ke faɗin kason da kowace folda ta ci a cikin uwar da ta ƙunshe ta.

A nata jerin, `Users` ce a sama da giga 156. Sai `Windows` da 31, foldojin `Program Files` biyu da 19 a haɗe, `$Recycle.Bin` da 12, ragowar kuma ƙanana. Da wannan kallo ɗaya an rage aikin: kashi biyu cikin uku na abin da ke faifan yana cikin `Users`. Ƙa'idar ita ce a buɗe mafi girma, a cikinta a sake buɗe mafi girma, a yi ta gangarawa har a iso wurin da sunan foldar ya bayyana mai ita. Duk abin da bai kai giga ɗaya ba a ƙyale shi tukuna.

A cikin asusunta ta yi zaton `Videos` ce za ta zo ta farko, tunda nan take ajiye aikinta. Sai ga shi `Videos` giga 58 ce, `AppData` kuma, wadda ba ta taɓa buɗewa ba, giga 61. Ta gangara: `Roaming`, sai `Adobe`, sai `Common`, sai `Media Cache Files`, giga 34. A taswira wurin ya fito wani faffaɗan yanki mai launi ɗaya, cike da fayiloli masu ƙarewa da `.cfa`.

Ga asalinsu. Duk lokacin da aka shigar da bidiyo cikin Premiere, manhajar takan sarrafa sautinsa ta ajiye kwafi a sigar da za ta iya kunnawa da sauri yayin aiki. Biki ya wuce, an miƙa wa amarya bidiyonta, an ma goge ainihin abin da aka ɗauka, amma kwafin sautin yana iya zama a nan. Biki bayan biki yana taruwa. Babu ko ɗaya cikin waɗannan fayiloli da yake aikinta ne na asali. Idan ta sake buɗe tsohon aiki, Premiere zai sake ƙirƙirar wanda yake buƙata, illa dai ta ɗan jira. Hanyar share su tana cikin manhajar kanta: `Edit`, sai `Preferences`, sai `Media Cache`, a danna `Delete`. A wannan shafin kuma ana iya umartar ta da ta riƙa goge waɗanda suka wuce wasu kwanaki da kanta, ko a mayar da ma'ajiyar zuwa wani faifai. Wannan saitin ne ke hana matsalar dawowa, kuma shi ne abin da fomatin ba zai taɓa gyarawa ba.

Abu na biyu a `AppData` ya sha bamban, ko da yake a taswira kamanninsu kusan ɗaya ne. Foldar `Apple Computer\MobileSync\Backup` ta ci giga 19, cikinta dubban fayiloli masu sunaye na haruffa da lambobi barkatai. Wanda bai sani ba zai ɗauka shara ce. Alhali kwafin ajiya ne na wayar iPhone da aka taɓa jonawa da laftof ɗin ta iTunes: saƙonni, lambobin mutane, wataƙila da hotuna. Idan wayar tana nan lafiya kuma tana da wani kwafin, ana iya goge wannan daga cikin iTunes, a `Preferences` ƙarƙashin `Devices`, inda ake ganin sunan wayar da ranar da aka yi kwafin. Idan kuwa wayar ta ɓata ko an sace ta, mai yiwuwa wannan folda ce kaɗai abin da ya rage na abin da ke cikinta.

A nan iyakar manhajar take, kuma ya kamata a riƙe wannan da kyau. Tana auna girma daidai, amma ba ta san darajar komai ba. Giga 34 na shara da giga 19 na abin da ba shi da madadi duk murabba'ai ne a wurinta. Saboda haka kafin a taɓa kowane ƙaton yanki akwai tambayoyi biyu: wace manhaja ce ta ajiye shi, kuma idan ya tafi, zai iya dawowa? Amsar ta farko galibi tana cikin adireshin foldar, domin sunan kamfani ko na manhaja yakan fito a hanya. Idan an gano mai shi, a shiga ta cikinsa a share, domin shi ya san abin da yake buƙata. Idan ba a gane mai shi ba, a bar shi har a bincika.

`Downloads` ta fi sauƙi, domin duk abin da ke ciki ita ta sauko da shi. Giga 27 ne. A nan shafin `File View` ya fi amfani, saboda yana jera fayiloli ɗaiɗai daga mafi girma ba tare da la'akari da foldarsu ba. A sama akwai fayil ɗin `.iso` na girka Windows mai fiye da giga 5, wanda aka yi amfani da shi sau ɗaya aka manta. Akwai foldar `Telegram Desktop`, inda finafinan da ta sauke ta Telegram suka taru har giga 13. Akwai wani `.zip` na kayan ado na bidiyo, a gefensa kuma ga foldar da aka warware shi a ciki, abu ɗaya a ajiye sau biyu.

Sai kwandon shara. Giga 12 ɗin da ke `$Recycle.Bin` su ne bidiyoyin da ta yi ta gogewa a makonnin baya tana mamakin yadda sarari bai ƙaru ba. Gogewa ta yau da kullum ba ta fitar da fayil daga faifai, wuri kawai take sauya masa, sai an zubar da kwandon sararin ke dawowa. Amma wannan jinkiri kariya ne, kuma ya fi kyau a yi amfani da shi: a goge zuwa kwando, a buɗe manhajojin da aka saba aiki da su a tabbatar komai na tafiya, sannan a zubar. `Shift` da `Delete` a haɗe suna tsallake kwandon, kuma a faifan `SSD` abin da aka goge ta haka da wuya ƙwarai a dawo da shi, domin Windows yakan sanar da faifan nan take cewa wurin ya zama fanko, faifan kuma ya share shi.

Da ta zubar da kwandon, ta share ma'ajiyar Premiere, ta rage giga 20 daga `Downloads`, sannan ta kwashe giga 40 na bukukuwan da aka gama zuwa faifan waje, sararinta ya tashi daga giga 3 zuwa sama da 100. Ba ta goge hoto ko ɗaya ba, ba ta kuma taɓa kwafin wayar ba.

Manyan da ba a taɓawa da hannu

A taswirar kowace kwamfuta akwai wasu manyan murabba'ai da ke zaune a gindin `C:` ko cikin `Windows`, kuma su ne suka fi jefa mutane cikin asara, domin manhajar da aka buɗe da ikon mai gudanarwa tana iya goge abubuwa da yawa da Windows ya saba karewa.

`pagefile.sys` shi ne wurin da Windows ke sauke abin da `RAM` ya kasa ɗauka. Laftof mai giga 8 da ke haɗa bidiyo yana dogara da shi sosai, kuma kashe shi kan sa manhajoji su riƙa mutuwa a tsakiyar aiki. A bar wa Windows ya kula da girmansa.

`hiberfil.sys` ya fi buƙatar tunani. A cikinsa Windows ke kwafe duk abin da ke buɗe idan kwamfuta za ta yi dogon barci, yadda za ta mutu gaba ɗaya kuma ta farka a inda aka tsaya. Girmansa a Windows 10 da 11 yakan kai kimanin kashi 40 cikin 100 na `RAM`, wato giga 3 da ɗoriya a laftof irin na misalinmu. Ana yawan ba da shawarar a kashe shi da wannan umarni:

```
powercfg /h off
```

Umarnin yana aiki, fayil ɗin zai ɓace nan take, tare da shi kuma saurin tashi na `Fast Startup` zai tafi. Amma ga wanda ke zaune inda wutar lantarki ke ɗaukewa ba sallama, kuma batirin laftof ɗinsa ya tsufa, shawarar ba ta dace ba. Idan batiri ya kusa ƙarewa, dogon barcin nan ne ke ceton aikin da ba a ajiye ba. Giga uku bai kai darajar aikin yini guda ba. Mai tebur da wuta tsayayya da `RAM` mai yawa, wanda fayil ɗinsa ya kai giga 12 ko fiye, shi ne lissafin zai iya yi wa daidai.

Sai `WinSxS` da ke cikin `Windows`, wadda ta fi kowace folda ruɗar mutane. Nan ne ma'ajiyar sassan Windows, kuma girman da ake gani a kanta ya fi na gaskiya. Dalili shi ne tsarin `NTFS` yana ba fayil ɗaya damar bayyana a wurare biyu da sunaye biyu alhali sau ɗaya aka rubuta shi a faifai. Fayiloli da yawa na `WinSxS` su ne dai na `System32`, don haka `File Explorer` da wasu manhajojin aunawa sukan ƙirga su sau biyu. Wanda ya goge wani abu a ciki da hannu yana iya wayar gari Windows ya ƙi sabuntawa ko ya ƙi tashi. Windows na da nasa kayan aikin. A `Command Prompt` mai ikon gudanarwa, umarni na farko yana faɗin girman gaskiya da ko akwai buƙatar shara, na biyu kuma yana share tsofaffin sassan da aka maye gurbinsu:

```
Dism /Online /Cleanup-Image /AnalyzeComponentStore
Dism /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup
```

Haka ma `C:\Windows\Installer`: tana iya kai giga da yawa, amma da abin da ke cikinta ake sabunta wasu manhajoji ko cire su, kuma idan aka share ta babu hanya mai sauƙi ta maido ta. `Windows.old` kuwa, wadda ke bayyana bayan babbar sabuntawa, tsohon Windows ne da aka ajiye don a iya komawa baya. Takan tafi da kanta bayan kwana 10. Mai gaggawa, wanda ya tabbatar sabon yana aiki lafiya, sai ya bi ta `Settings`, `System`, `Storage`, `Temporary files`, ya zaɓi `Previous Windows installation(s)`. A wannan shafin a lura da akwatin `Downloads`: idan aka yi masa alama, duk abin da ke foldar zai tafi. Manhajar da ba a so kuma a cire ta ta `Settings` ƙarƙashin `Apps`, kada a goge foldarta a `Program Files`, domin hakan na barin tarkacenta a wasu wurare.

Lambobi biyu a gaban fayil ɗaya

WizTree na nuna gurbi biyu kusa da juna, `Size` da `Allocated`. Na farko girman abin da fayil ya ƙunsa ne, na biyu wurin da ya mamaye a faifai. Mai neman sarari na biyun ya shafa. Yawanci sun yi kusa, amma akwai inda suke rabuwa nesa, kuma OneDrive ne babban misali. Fayil ɗin da ke ɗauke da alamar gajimare yana can a intanet, sunansa kawai ke kwamfutar. `Size` zai iya cewa giga 2, `Allocated` ya ce sifili. Goge shi ba zai ƙara ko mega ɗaya ba, kuma mafi muni, gogewar za ta bi shi har asusun OneDrive, ya koma kwandon shara na can. Idan fayilolin OneDrive ne suka cika faifan da gaske, wato masu koren alama, abin yi shi ne a danna musu maɓallin dama a zaɓi `Free up space`: kwafin kwamfuta ya tafi, na intanet ya zauna. Sai dai duk ranar da aka buƙace su sai an sake sauko da su, kuma ga mai sayen data da giga-giga wannan kuɗi ne.

Akwai kuma faifan da ake sharewa yau, bayan mako guda ya sake cika. A irin wannan hali girma kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da lokaci. A ɗauki hoton allon sakamakon yau, ko a fitar da shi zuwa fayil ɗin `.csv` daga cikin manhajar, a sake aunawa bayan kwanaki, a kwatanta manyan foldoji biyar na sama. Wadda ta ƙaru ita ake nema. Gurbin `Modified` yana taimakawa: ƙaton fayil da ranar sauyinsa ta ƙarshe ta kasance yau, alhali mai kwamfutar bai taɓa shi ba, alama ce cewa wata manhaja na rubutu a cikinsa a ɓoye. Sau da yawa yakan zama fayil ɗin `.ost` na Outlook da ke tara wasiƙu, ko ma'ajiyar wucin gadi ta manhajar bidiyo, ko wuraren komawa baya na Windows da ke cikin `System Volume Information`. Na ƙarshen ana sa masa iyaka ta hanyar neman `Create a restore point` a akwatin bincike, a danna `Configure`, a ja ma'aunin `Max Usage` zuwa abin da faifan zai iya ɗauka.

Wani lokaci kuma binciken yakan nuna cewa babu sharar da za a kwashe. Laftof mai faifan giga 64, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke buƙata, ko mai 128, yana iya cika da Windows da manhajoji da aikin da ake buƙata kawai. Idan taswira ta nuna haka, mai shi ya san cewa fomatin ba zai amfane shi ba. Kuɗin gara ya tafi ga faifan waje, ko ga babban `SSD` idan na cikin laftof ɗin irin wanda ake cirewa ne, domin a wasu ƙananan laftof an manne ma'adanar a jikin allon na'urar, ba ta sauyuwa.